Yadda Ake Mayar da Amsoshin Fom Su Zama Jadawali Don Rahoto

Bayan an gama zagayawa ƙungiyoyi an cike takardun tambayoyi, abin da ke gabanki shi ne tulin fom, wani da maiƙo a jiki, wani an naɗe shi gida huɗu. Ofis kuma rahoto yake jira, kuma ba wanda zai zauna ya karanta fom sittin ɗaya bayan ɗaya. Aikinki shi ne ki tattara amsoshin a jadawali, yadda mai karatu zai duba sau ɗaya ya gane abin da matan suka faɗa. Jadawali iri biyu ne za ki fi bukata. Na farko yana nuna mata nawa ne suka ba da kowace amsa a tambaya guda, shi muke kira jadawalin yawan amsa. Na biyu yana haɗa tambaya biyu wuri ɗaya don a ga ko amsar ɗaya tana tafiya da ta ɗayar, shi kuma jadawalin haɗi ke nan.

Ƙirge kansa ba wuya ne da shi ba. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne wajen fitar da kaso. Duk lokacin da kika rubuta "kashi kaza cikin 100", akwai tambayar da dole ki iya amsawa nan take: cikin mata nawa, kuma waɗanne mata? Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe don a ga yadda abin yake. Lambobin na koyo ne kawai, ba na wata ƙungiya ba ne. Mu ɗauka kin karɓo fom 60 daga ƙungiyoyin adashi uku.

Kafin ki fara ƙirge

Ki ɗauki biro ki ba kowane fom lamba a kusurwar sama, daga 1 zuwa 60. Kada ki raina wannan. Idan lissafi ya ƙi daidaita daga baya, lambar ce za ta mayar da ke ga takardar da matsalar take, ba sai kin sake birkita tulin duka ba. A nan ne kuma za ki gano idan an cike wa mace ɗaya fom sau biyu, abin da yakan faru idan mutum biyu ne suka yi tambayoyin a ƙungiya guda.

Daga nan sai ki ba amsoshi lamba. Tambayar da ta zo da zaɓi, aikinta mai sauƙi ne: Eh ta zama 1, A'a ta zama 2. Wadda aka bar wa mace ta faɗi da bakinta ita ce mai cin lokaci. A misalinmu tambaya ta 4 tana cewa, "Me kika yi da bashin da kika karɓa?" Wata za ta ce ta sayi gyaɗa don ƙuli-ƙuli, wata ta ce ta ƙara jarin awara, wata ta ce ta saro atamfa. Duka ukun abu ɗaya ne, jarin sana'a. To ki fara karanta amsoshin gaba ɗaya tukuna ba tare da kin rubuta komai ba, sannan ki fitar da rukuni biyar ko shida, ki ba kowanne lamba, ki rubuta su a takarda guda ki ajiye kusa da ke. Amsar da ta zo da shakka, kamar wadda ta sayi akuya, ki yanke shawara sau ɗaya ko jarin sana'a ce ko noma da kiwo, ki rubuta shawarar a wannan takarda. In ba haka ba, akuyar fom na 7 za ta shiga wani rukuni, ta fom na 41 ta shiga wani.

Akwai gurbi iri biyu da za ki tarar babu rubutu, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai wadda aka tambaya ba ta amsa ba, ko mai tambaya ta manta ta rubuta. Akwai kuma wadda tambayar ba ta shafe ta ba, kamar matar da ba ta karɓi bashi ba, ai ba yadda za ta faɗi abin da ta yi da shi. Ki ba ta farkon lamba 99, ta biyun 88. Nan gaba kaɗan za ki ga amfanin raba su.

Jadawalin yawan amsa

Ki ja layi a littafi, ki jera amsoshin a gefen hagu. Duk fom ɗin da kika ɗaga, ki ja sanda ɗaya a gaban amsarsa. Sanda huɗu a tsaye, ta biyar ta gitta su, don ƙirge biyar-biyar ya fi sauƙi ga ido. Ya fi kyau ku zama ku biyu, ɗaya tana karantawa ɗaya tana ja. Tambaya ta 3 ta ce, "Kin karɓi bashi a wannan zagayen?" Ga abin da ya fito:

| Amsa | Adadin mata | Kaso cikin 100 |
|---|---|---|
| Eh | 44 | 76 |
| A'a | 14 | 24 |
| Jimlar masu amsa | 58 | 100 |

Mata 2 ba su amsa ba.

Abu na farko, ki haɗa: 44 da 14 da 2 sun ba da 60. Idan jimla ba ta yi daidai da yawan fom ba, kada ki matsa gaba, ki sake ƙirge. Kason kuwa, kin raba 44 da 58 a kalkuleta kin ninka da 100, ya ba da 75.9, kin cike shi ya zama 76. Me ya sa 58 ba 60 ba? Domin mata biyun nan ba mu san amsarsu ba. Idan kika raba da 60, Eh za ta zama 73, A'a 23, marasa amsa 3. Wannan ma ba laifi ba ne, wasu ofisoshin haka suke so, amma sai marasa amsa sun sami layinsu a cikin jadawalin. Abin da ba a yi shi ne a raba da 60 a wannan shafin, a raba da 58 a na gaba, ba tare da an faɗa ba. Ki zaɓi hanya ɗaya ki bi ta har ƙarshen rahoto.

Ki lura kuma, 73 da 23 da 3 sun ba da 99, ba 100 ba. Ba kuskure ba ne, cike lamba ne ya jawo. Wani lokaci 101 zai fito. Kada ki ƙara wa wani layi ɗaya don ya cika, ki dai rubuta a ƙasa cewa an cike lambobin. Ni a ganina, da fom 60 ba ki bukatar rubuta 75.9. Mace ɗaya tak tana ɗaga kason ko ta sauke shi da kusan biyu, to ɗigon nan ado ne kawai.

Yanzu tambaya ta 4, inda lamba 88 take aiki. Mata 44 ne kaɗai suka karɓi bashi, su ne kaɗai tambayar ta shafa.

| Abin da aka yi da bashi | Adadin mata | Kaso cikin 100 |
|---|---|---|
| Jarin sana'a | 22 | 50 |
| Noma da kiwo | 9 | 20 |
| Magani da asibiti | 6 | 14 |
| Kuɗin makaranta | 4 | 9 |
| Biki ko suna | 3 | 7 |
| Jimla | 44 | 100 |

Rabin waɗanda suka karɓi bashi sun zuba shi a sana'a. Amma da kin raba 22 da 60, da 37 kika samu, sai rahoto ya nuna kamar kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya ne kawai. Amsoshin matan ba su canza ba, abin da aka raba da shi ne ya canza, labari kuma ya sauya gaba ɗaya. Alamar da za ki gane an yi wannan kuskuren ita ce kason ba zai kai ko kusa da 100 ba, a nan wajen 73 zai tsaya. Kuma ki jera amsoshin daga mai yawa zuwa mai kaɗan kamar yadda kika gani, sai dai idan suna da jerinsu na asali, irin su shekaru ko matakin karatu.

Akwai kuma tambayar da kasonta yake wuce 100 bisa ƙa'ida, wato wadda aka yarda mace ta ba da amsa fiye da ɗaya. An tambayi matan 60 sana'o'insu: 35 sun ce kiwo, 28 sayar da abinci, 12 ɗinki. Haɗe 75 ke nan, ya fi yawan matan, domin mai tuyar ƙosai da safe ita ce kuma mai tumaki a bayan ɗaki. Ki raba kowanne da 60, yawan mata, ba da 75 ba. Za ki sami 58 da 47 da 20. Kada ki sa layin jimla a irin wannan jadawalin, ki rubuta a ƙasa cewa mace na iya ba da amsa fiye da ɗaya, don kada wani a ofis ya zaci kin kasa lissafi.

Shekaru da kuɗi sai an kasa su rukuni-rukuni. Ki tabbata rukunan ba su hau kan juna ba. Idan kika rubuta 20 zuwa 30, sannan 30 zuwa 40, ina mai shekara 30 za ta shiga? Kuma a filinmu mata da yawa shekarunsu kintata ake yi, 30 da 40 da 50 ne suka fi fitowa, saboda haka matsalar ba ta mace ɗaya ba ce. Ki rubuta 20 zuwa 29, 30 zuwa 39.

Jadawalin haɗi

Mun san mata 44 sun karɓi bashi. Amma su waye? Sababbin shiga ne ko waɗanda suka daɗe? Jadawalin yawan amsa ba zai gaya miki ba, ko kin ajiye guda biyu gefe da gefe, domin kowanne tambaya ɗaya yake kallo. Dole a koma kan fom ɗin a duba amsa biyu ta mace ɗaya a lokaci guda.

Hanya mafi sauƙi da hannu ita ce kasa takardu a kan tabarma. Ki fara ware biyun da ba su amsa tambayar bashi ba. Sauran 58 ki raba su kashi biyu bisa tambaya ta 2: masu zagayen farko a dama, masu zagaye biyu ko fiye a hagu. Sannan kowane kashi ki sake raba shi biyu, Eh da A'a. Tuli huɗu ke nan a gabanki, ki ƙirga kowanne.

| Daɗewa a ƙungiya | Ta karɓi bashi | Ba ta karɓa ba | Jimla |
|---|---|---|---|
| Zagayen farko | 11 | 9 | 20 |
| Zagaye biyu ko fiye | 33 | 5 | 38 |
| Jimla | 44 | 14 | 58 |

Ki duba layin ƙasa, 44 da 14 da 58. Su ne dai lambobin jadawalinmu na farko, kuma haka ya kamata. Idan suka saɓa, ko dai an yi kuskuren ƙirge, ko kuwa akwai wadda ta amsa tambayar bashi amma ba ta amsa ta daɗewa ba. In haka ne, jimlar za ta ragu, sai ki faɗa a ƙasan jadawalin.

To ga inda ake rikicewa. Lamba 33 ɗin nan ana iya raba ta da abu uku: da 38 na ƙarshen layinta a kwance, da 44 na ƙasanta a tsaye, ko da 58. Kowanne zai ba da kaso, kowanne kuma maganarsa daban. Idan kika raba da 38, kin sami 87, ma'ana cikin tsofaffin mambobi kashi 87 sun karɓi bashi. Idan kika raba da 44, kin sami 75, ma'ana cikin masu bashi kashi 75 tsofaffi ne. A baki jimlolin biyu sun yi kama, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Sau da yawa za ki ga an fitar da 75 sannan a rubuta "kashi 75 na tsofaffin mambobi sun karɓi bashi". Wannan ba gaskiya ba ce, lambar wata jimla ce aka liƙa wa wata.

Wanne za ki ɗauka? Ki tambayi kanki waɗanne mata kike kwatantawa. Mu sababbi da tsofaffi muke kwatantawa, saboda haka kowane rukuni da jimlarsa za a raba shi, yadda kowanne zai cika 100 shi kaɗai.

| Daɗewa a ƙungiya | Ta karɓa | Ba ta karɓa ba | Yawan mata |
|---|---|---|---|
| Zagayen farko | kashi 55 | kashi 45 | 20 |
| Zagaye biyu ko fiye | kashi 87 | kashi 13 | 38 |

Yanzu an iya kwatanta 55 da 87, kuma bambancin a fili yake. Kashi 75 ɗin can kuwa ba ya nuna komai sosai, don tun asali tsofaffin sun fi yawa, su 38 ne cikin 58, wajen kashi 66. Ko da daɗewa ba ta da wani tasiri, da ma su za su fi yawa cikin masu bashi. Dabarar da za ta tsare ki ita ce, kafin ki taɓa kalkuleta ki faɗi jimlar da baki, ki fara da kalmar "cikin". "Cikin mata 38 da suka daɗe, 33 sun karɓa." Lambar da ta biyo bayan "cikin", da ita ake rabawa.

Abin da jadawalin bai faɗa ba

Jadawalin ya nuna tsofaffi sun fi karɓar bashi. Bai faɗi dalili ba. Akwai sha'awar a rubuta cewa daɗewa a ƙungiya tana ƙara wa mata ƙarfin gwiwa, don magana ce mai daɗin ji a rahoto. Wataƙila haka ne, amma ba mu tambayi wannan ba. A tsarin da yawancin ƙungiyoyi ke bi, mace ba ta karɓar bashin da ya wuce ninki uku na abin da ta zuba. Wadda ta fara da hannun jari ɗaya-ɗaya a mako, tana jin tsoro, abin da za ta iya karɓa bai taka kara ya karya ba, ƙila shi ya sa ta haƙura. Ki duba kuma ko sababbin nan 20 duk 'yan ƙungiya ɗaya ne, wadda aka kafa bana. In haka ne, ba daɗewa kaɗai kika kwatanta ba, kin kwatanta ƙauye da ƙauye, da akwati mai nauyi da wanda kuɗinsa bai taru ba. Hanyar dubawa ita ce ki sake kasa takardun ƙungiya-ƙungiya ki gani ko bambancin yana nan a cikin kowace ɗaya. A rahoto ki rubuta abin da lamba ta nuna a matsayin sakamako, abin da kike zato kuma ki ce zato ne.

Sai batun ƙananan lambobi. A ce kin haɗa abin da aka yi da bashi da biya a kan lokaci. Masu biki ko suna su 3 ne, 2 sun makara. Kalkuleta zai ce kashi 67, sai wani ya karanta ya ce a hana bashin biki. Mata biyu fa ake magana! Da ɗaya ta biya da wuri, da 33 ya koma. Idan rukuni ya yi ƙanƙanta haka, ki rubuta "2 cikin 3" ki bar kaso. Ko kuma ki haɗe rukunan da suka dace: jarin sana'a da noma da kiwo su zama bashin nema, mata 31, magani da makaranta da biki su zama bashin hidimar gida, mata 13. Da fom 60, jadawalin da ya wuce gida huɗu zuwa shida yakan zama wayam. Akwai ma wani dalilin. A ƙauye kowa ya san wadda ta yi suna bana, to layin da ke da mace biyu ko uku tamkar an rubuta sunayensu ne, alhali an yi musu alkawarin sirri lokacin cike fom.

Idan akwai kwamfuta

A Excel, kowane fom layi ɗaya ne a kwance, kowace tambaya kuma layi ɗaya a tsaye. Layin farko na kanu ne, saboda haka fom 60 za su kama daga layi na 2 zuwa na 61. A ce lambar fom tana A, ƙungiya B, daɗewa C, bashi D. Don ƙirga masu Eh, da kuma sababbin da suka ce Eh:

```
=COUNTIF(D2:D61,1)
=COUNTIFS(C2:C61,1,D2:D61,1)
```

Na farko zai ba da 44, na biyu 11. Idan kwamfutar ta ƙi karɓa, musamman wadda aka saita da Faransanci, ki gwada `;` a maimakon waƙafi, kuma sunan umarnin ma yana iya bambanta. Amfanin shigar da lamba maimakon kalma shi ne, "Eh" da "E" da "Eh" mai tazara a bayanta, kwamfuta ba ta ɗaukarsu abu ɗaya.

Jadawalin haɗi gaba ɗaya yana fitowa ta `Insert` sannan `PivotTable`. Ki ja daɗewa zuwa `Rows`, bashi zuwa `Columns`, lambar fom zuwa `Values`. A nan ki buɗe ido: da yake lambobi ne, Excel zai tara su ne, za ki ga `Sum` a rubuce da wasu manyan lambobi marasa kan gado. Ki shiga `Value Field Settings` ki mayar da shi `Count`. Ki cire 99 da 88 tukuna, sannan ki zaɓi `Show Values As` da `% of Row Total`, don rukunan da muke kwatantawa a kwance suke. Ko da waya aka cike fom ɗin, irin su KoboToolbox, ana sauke amsoshin a Excel ne a bi wannan hanyar. Bayan shigarwa, ki zaro fom goma daga tsakiyar tuli ki gwada su da abin da ke kan allo. In kin sami kuskure a biyu ko uku, sai an sake duba duka.

Sa shi a rahoto

Kowane jadawali ya sami lamba da take mai faɗin waɗanda aka ƙirga, kamar "Jadawali na 2: Abin da aka yi da bashi, cikin mata 44 da suka karɓa". Adadi da kaso su tafi tare. A ƙasa kada ki sake karanto dukan lambobin, mai karatu yana ganinsu. Jimla biyu ko uku sun isa. Na jadawalin haɗinmu zai iya zama haka: "Cikin mata 38 da suka yi zagaye biyu ko fiye, 33 sun karɓi bashi, wato kashi 87. Cikin mata 20 masu zagayen farko, 11 ne suka karɓa, wato kashi 55. Mata 2 ba su amsa tambayar ba, ba a sa su a lissafi ba."

A farkon sashen sakamako ki faɗi mambobi nawa ne a ƙungiyoyin da kuma nawa aka samu. Idan su 75 ne aka sami 60, to akwai 15 da ba a ji ta bakinsu ba. Ranar taro aka cike fom ɗin, kuma mace mai bashin da ya makara takan ƙi zuwa taro. Ki buɗe littafin rajista ki duba su waye ba su zo ba, in da yawansu masu bashi ne, ki rubuta haka a ƙarƙashin jadawalin biyan bashi.